Kama da wane ba ta wane: kundin aikin katunan Jamusanci

6 ga Janairu, 2024

Na fara tattara kalmomin Jamusanci da suke kama da na Turanci a ido ko a kunne, amma ma'anarsu ta kama wata hanya daban. Ƙanwata ce sila. Ma'aikaciyar jinya ce a Kano, tana shirin jarrabawar Jamusanci ta matakin B2, wadda galibi sai da ita hukumomin Jamus ke amincewa da takardun nas ɗin da ta yi karatu a waje. Ita da abokan aikinta biyu, da 'yar kawunmu da ke aikin jinya a Maraɗi, suna turo mini rubutunsu ina gyarawa, ranar Asabar kuma mu yi darasi ta waya. Ni ba malamin harshe ba ne. Na dai daɗe a Jamus, da harshen nake aiki, da shi nake zuwa kasuwa da asibiti.

Abin da na lura da shi a rubutun 'yan Kano ukun shi ne ba daga Hausa suke shiga Jamusanci ba. Sai sun ratsa ta Turanci, domin littattafansu da ƙamus ɗin da ke wayoyinsu duk da Turanci suke bayani. Kuma sau da yawa hanyar tana ɓullewa, shi ya sa suka amince da ita. Harsunan biyu 'yan gida ɗaya ne: kakannin Ingilawa daga arewacin Jamus da yankin Denmak na yau suka ƙetara zuwa Birtaniya wajen ƙarni na 5. Wanda ya san *water* da *hand* da *finger* ba zai sha wahala da *Wasser* da *Hand* da *Finger* ba. Idan ka canka daidai sau goma, na sha ɗaya ba za ka buɗe ƙamus ba, a nan kuwa ake faɗawa.

Jamusawa suna kiran irin waɗannan kalmomi *falsche Freunde*, wato abokan ƙarya. Sunan daga Faransanci ya fito, daga wani littafi da Maxime Kœssler da Jules Derocquigny suka fitar a 1928 a kan kalmomin Turanci masu yaudarar Faransawa. Shirina shi ne kowace kalma ta sami kati guda a manhajar Anki, a jere bisa haruffa.

13 ga Janairu

Katin farko ya zo da ƙafarsa. Na ce kowa ta rubuta takardar neman aiki, ƙanwata ta rubuta: *Ich möchte in Deutschland eine Pflegefachfrau bekommen.* Nufinta tana son ta zama ma'aikaciyar jinya a Jamus. Abin da Bajamushe zai karanta kuwa shi ne tana son a samo mata nas, kamar tsohuwar da ke neman mai kula da ita. *Bekommen* samu ne ko karɓa. Zama *werden* ne. Jimlar da take nema ita ce *Ich möchte Pflegefachfrau werden*, ko ma, tunda ta riga ta zama, *Ich möchte als Pflegefachfrau arbeiten*.

Da na karanta mata ma'anar abin da ta rubuta sai ta yi salati, ta ce, "Yaya, ai harufansu ɗaya!" Gaskiyarta, kuma ba haɗari ba ne. *Become* da *bekommen* kalma ɗaya ce tun asali: ɗafin *be-* da aikatau mai nufin zuwa, *come* ko *kommen*. A tsohon Turanci tana nufin isowa ko aukuwa. Turanci ya ja ta zuwa ga isowa wani hali, wato zama. Jamusanci ya ja ta zuwa ga kai hannu ga abu, wato samu. Har yau akwai ɗan saura na zamanin da suke tare. Bature yana cewa *that dress becomes you*, rigar ta dace da ke. Bajamushe yana cewa *das Essen bekommt mir nicht*, abincin bai karɓe ni ba. Wannan ta biyun nas za ta ji ta a bakin majinyata, don haka na ba ta katinta daban.

Hausa ba ta taɓa haɗa samu da zama ba. Ba wanda zai ce "na samu likita" yana nufin ya gama makarantar likitanci. Saboda haka na ce musu kafin su rubuta kalmar su faɗi jimlar da Hausa a zuci. In "samu" ta fito, *bekommen*. In "zama" ta fito, *werden*. Na ba su misali biyu su haddace tare, don labari ɗaya suke bayarwa ta fuska biyu: *Er hat einen Sohn bekommen*, ya sami ɗa namiji, *Er ist Vater geworden*, ya zama uba. Na farkon yana tafiya da *hat*, na biyun da *ist*. Na farkon yana da *einen* domin ɗan karɓau ne, na biyun ba ya ɗaukar komai gaban *Vater*, haka ma gaban sunan sana'a.

Su ma Jamusawan ba su tsira ba in sun juya zuwa Turanci. Akwai tsohuwar barkwancinsu ta mutumin da ya shiga gidan abinci a Landan ya tambayi yaron da ke kawo abinci yaushe zai *become* gasasshen nama, yaron ya ce yana fatan ba za a taɓa kai ga haka ba. Asalinta shi ne a Jamus *ich bekomme* ake cewa in za a yi odar abinci, mai shago ma yakan tambaye ka *Was bekommen Sie?* Na gaya musu in wata rana likita Bajamushe ya so ya kyauta musu da Turanci ya ce majinyaci zai *become* allura, su gane allura za a yi masa, su riƙe dariyarsu.

20 ga Janairu

Dabarar samu da zama ta yi aiki rabi. Kurakuran sana'a sun ɓace, wasu sababbi suka fito: *Der Patient hat müde bekommen*, *Meine Oma hat alt bekommen*. Wannan karon ba *become* ce ta jawo ba, *get* ce. Turanci yana amfani da kalma ɗaya wajen *get a letter* da *get tired*, su kuma sun riƙe cewa *get* ita ce *bekommen*. Hausa ba ta cece su a nan ba, don mu ba ma cewa ya zama gajiyayye. Cewa muke ya gaji, ta tsufa, ya warke. Babu samu babu zama a ciki, sai suka koma ga Turanci.

Ta ɗaya gefen ma haka. Mu cewa muke zazzaɓi ya kama shi, tsoro ya kama ta, yunwa ta kama ni. Jamusanci samun su yake yi: *Er hat Fieber bekommen*, *Sie hat Angst bekommen*, *Ich bekomme Hunger*.

Maganin da na samo yana cikin rubutun Jamusanci kansa. Kowane suna da babban harafi yake farawa, ko a tsakiyar jimla. To a dubi kalmar da ke tafiya da aikatau ɗin. In ƙaramin harafi gare ta, sifa ce, *werden* take so: *müde werden*, *alt werden*, *krank werden*, *gesund werden*. In babban harafi gare ta, suna ce, *bekommen* take so: *Fieber*, *Schmerzen*, *eine Spritze*, *einen Brief*. Sai dai in sunan yana faɗin abin da mutumin kansa ya koma, kamar *Arzt* ko *Mutter*, nan a dawo kan *werden*. Na sa su gwada da cuta ɗaya: *Er ist krank geworden*, amma *Er hat Malaria bekommen*.

Ɗaya daga cikin abokan aikin ƙanwata, wadda ta girme mu duka muke ce mata Anti, ta ce to a magana fa, ina ake ganin babban harafi? Na ce ba a gani, amma wanda ya yi ta rubutawa kunnensa zai koya. Ba ta gamsu ba, ni ma ban ce ta yi kuskure ba.

3 ga Fabrairu

Na rushe tsarin haruffa. Jerin ya yi tsawo, kuma ya daidaita abin da bai kamata a daidaita ba. *Bald*, wato nan ba da jimawa ba, da *fast*, wato saura kaɗan, da *Rat*, wato shawara, duk suna cikin kowane jeri da za ka gani, amma ba wanda suke cutarwa. Wanda ya ji *Ich komme bald* ba zai daɗe yana tunanin sanƙon da *bald* ke nufi a Turanci ba, jimlar kanta za ta ƙi.

Ko shahararriyar cikinsu, *Gift*, na mayar da ita baya. A Jamusanci guba ce, kyauta kuwa *Geschenk*. Abin dariya ne ka miƙa wa maƙwabciya turare ka ce ga *Gift* na kawo miki daga gida, amma nan take za ta zaro ido, ka gane, kuma ba za ka sake ba har abada. Tarihinta dai ya yi mini daɗi. Daga *geben* take, bayarwa, kuma a da kyautar take nufi. Aka riƙa sakaya guba da ita, bisa koyi da kalmar Girkanci *dosis*, wadda ita ma bayarwa take nufi, abin da aka ba mara lafiya ya sha. A hankali sakayawar ta cinye ma'anar fari. Tsohuwar ma'anar ta maƙale a *Mitgift*, dukiyar da amarya ke tafiya da ita gidan miji, kusan garar da muka sani.

Yanzu kashi biyu na yi. Kashi na farko kalmomin da in ka yi kuskure mai sauraro zai yi turus ko ya yi dariya. Waɗannan kunya ce kawai, kuma kunyar ita ke koyar da kai. Kashi na biyu kalmomin da in ka yi kuskure jimlar za ta fita lafiya lau, nahawunta daidai, ma'anarta mai yiwuwa, mai sauraro ya gyaɗa kai ya tafi da abin da ba shi ka faɗa ba. Ba mai gyara maka, don ba wanda ya san an yi kuskure. Ga mai aikin asibiti waɗannan ne abin tsoro, kuma su za mu ba sauran lokacinmu.

17 ga Fabrairu

Darasin yau ya ci kusan awa biyu a kan kalmomi biyu, kuma ban yi da-na-sanin lokacin ba.

Na shirya musu wasan miƙa aiki, irin wanda masu aikin dare ke yi wa masu aikin safe, abin da ake kira *Übergabe*. Na ba ƙanwata bayanin majinyaci da Hausa: dattijo ne, za a yi masa tiyata da ƙarfe 10 na safe, an hana shi cin komai, jikinsa ya yi rauni har likita yana ganin zai iya faɗuwa in ya tashi shi kaɗai, kuma da rana za a mayar da shi wani sashe. Na ce ta faɗa wa Anti da Jamusanci, Anti ta rubuta abin da ta fahimta, ni kuma in rubuta abin da Bajamushiya za ta fahimta.

Ta ce: *Er muss nicht essen.* Anti ta rubuta: kada ya ci abinci. Ni na rubuta: ba dole ba ne ya ci. Su biyun sun fahimci juna sarai, saboda dukansu *must not* suke ji a ciki. Amma a Jamusanci *nicht* dolen take korewa, ba aikin ba. *Muss nicht* na nufin an ɗauke masa wajibci: in ya ga dama ya ci, in bai ga dama ba ya bari. Hani kuwa da *dürfen* ake yin sa: *Er darf nicht essen.* Nas Bajamushiya da ta ji jimlar farko za ta ɗauka dattijon ba ya jin cin abinci ne, an ce kada a matsa masa. In ya roƙi burodi da shayi mai madara da ƙarfe 8, za ta iya ba shi.

Na tsaya na tuna musu abin da suka fi ni sani. Ƙa'idar da aka saba ita ce awa 6 babu abinci kafin a sa mutum barcin tiyata, ruwa zalla kuma a tsayar da shi saura awa 2, domin in ciki da abinci zai iya dawowa ya shiga huhu alhali mutum ba ya iya tari. Mafi sauƙin abin da kuskuren zai jawo shi ne a ɗage tiyatar. Kalmar da ma'aikata ke amfani da ita ma ba ta bi ta kan ko ɗaya daga cikin biyun ba: *Er muss nüchtern bleiben*, dole ya zauna ciki babu komai. Ita na ce su riƙe, don ita za su gani a rubuce a kan allo ko a jikin gado.

Hausa a nan ta fi Turanci kusa da Jamusanci nesa ba kusa ba. "Ba dole ba ne" ita ce *muss nicht*, kalma da kalma. "Kada" ko "an hana" ita ce *darf nicht*. Ba Bahaushen da zai rikita su.

Sai jimlarta ta gaba: *Er will allein aufstehen und er will fallen.* Ta so ta ce zai tashi shi kaɗai ya faɗi. Abin da ta faɗa shi ne yana son ya tashi shi kaɗai kuma yana son ya faɗi. *Will* ta Jamusanci daga *wollen* take, so ko nufi. Ta Turancin ma can da haka take, shi ya sa har yau suke kiran wasiyya *will*. Abin da zai faru nan gaba da *werden* ake faɗa, *er wird fallen*, ko kuma, abin da aka fi yi a magana, a bar aikatau a lokacin yanzu a ƙara kalmar lokaci: *Er kommt heute Nachmittag auf eine andere Station.*

Don ta zauna musu na ba su misalin da ya fi kowanne nauyi. *Die Patientin wird sterben*: majinyaciyar za ta rasu, hukuncin likita ne a kan jikinta. *Die Patientin will sterben*: tana son ta mutu, rahoto ne a kan abin da ke ranta, kuma wanda ya ji shi dole ya kira likita, a soma tunanin ko za ta cutar da kanta. Harafi biyu ne tsakani. Wayar ta yi tsit, sai 'yar kawunmu ta ce, "Allah ya kiyaye," muka ce amin, muka ci gaba.

Akwai ƙaramin abu da ke biye da wannan. Nas da ta shiga ɗaki ta ce wa dattijo *Ich will Sie waschen* tana zaton ta ce zan wanke ka, ta faɗa masa ne ina son in wanke ka, da murya mai kama da umarni. *Ich helfe Ihnen jetzt beim Waschen* ta fi ladabi, kuma babu tarko a cikinta.

2 ga Maris

'Yar kawunmu ta Maraɗi ta ba ni mamaki, har na canza yadda nake kallon aikin gaba ɗaya. Da Faransanci ta yi makaranta, Turancinta bai taka kara ya karya ba. Tun farko ba ta taɓa rikita *bekommen* ko *will* ba, na ɗauka ƙwazo ne kawai. Yau muka shiga kalmomin da Jamusanci ya aro daga Faransanci da Latin, sai ga shi tana amsawa kafin in gama tambaya, 'yan Kano suna ta faɗawa rami.

*Eventuell* ita ce babba. 'Yan Kano sun ji *eventually*, wato daga ƙarshe, ko ba daɗe ko ba jima. A Jamusanci wataƙila take nufi, daidai da *éventuellement* ta Faransanci. In likita ya ce *Wir müssen eventuell operieren*, cewa ya yi mai yiwuwa a yi tiyata, ba a yanke ba tukuna. Nas da ta ji ta da kunnen Turanci za ta je ta gaya wa dangi tiyata ta tabbata, lokaci kawai ake jira. A takardun asibiti a taƙaice ake rubuta ta, *evtl.*, don haka na sa taƙaitawar ma a katin. In ana son a ce daga ƙarshe, *schließlich* ko *irgendwann* ake cewa.

Haka *aktuell*, na yanzu, kamar a *aktuelle Medikation*, magungunan da mutum yake sha a halin yanzu. Haka *sensibel*, mai saurin jin abu a rai ko a fata, ba mai hankali ba, wanda shi *vernünftig* ne. Haka *Chef*, shugaban wurin aiki, ba mai dafa abinci ba. *Chefarzt* shi ne babban likitan sashe. Duk waɗannan a Faransanci ma'anarsu ɗaya da ta Jamusanci. Turanci ne ya ware ya yi tasa hanya.

Har lissafi. A Nijar miliyar ake cewa, a Najeriya biliyan. Jamusanci yana tare da Nijar: *Milliarde* ita ce 1 da sifili 9. *Billion* tasu kuwa 1 ce da sifili 12, abin da muke kira tiriliyan. Yawan mutanen duniya da ya kai biliyan 8 a Nuwamban 2022, a jaridun Jamus *acht Milliarden* ne. Ta ce musu, "Ku dai Ingilishi ya cuce ku," aka yi ta dariya, ƙanwata ta ce za ta rama.

Abin da na ɗauka daga nan shi ne yaudarar tana zaune ne a harshen da mai koyo ya ratso ta cikinsa. Kalmar da ta kayar da 'yar Kano ba ta ko girgiza 'yar Maraɗi ba. Don haka daga yau na cire Turanci daga gaban katunan. Gaban kati jimlar Hausa ce, bayansa jimlar Jamusanci. Kalmar Turancin tana can ƙasa da jan rubutu, a matsayin gargaɗi kawai.

9 ga Maris

Azumi ya ƙarato, mun mayar da darasi bayan sallar asham. Wajen tsayar da lokaci na ce da gangan *halb zehn*, na tambayi kowa ƙarfe nawa ke nan. Uku suka ce goma da rabi. Tara da rabi ne. Bajamushe yana ƙirga rabin hanya zuwa awar da ke tafe, ɗan Birtaniya kuwa in ya ce *half ten* rabi bayan goma yake nufi, kamar mu. Wannan ko 'yar Maraɗi ta ci ta, don a nan Hausa da Faransanci da Turanci duk bakinsu ɗaya. Wanda ya bi kunnensa zai iso a makare da awa guda cur, a ƙasar da makarar minti 5 ma sai an ba da haƙuri. A gabashi da kudancin ƙasar har *dreiviertel zehn* ake cewa, goma saura kwata. Shawarata gare su: duk lokacin da aka faɗa musu su maimaita shi da lambobi, *also neun Uhr dreißig?* Ba wanda zai ji haushi.

30 ga Maris

Kalmomin cikin asibiti. Ƙanwata ta rama, don *Ambulanz* ta kayar da 'yar Maraɗi tare da kowa. A bakin ma'aikatan asibitin Jamus galibi sashen da ake duba marasa lafiya su koma gida ake nufi, ba mota ba. Motar *Krankenwagen* ce ko *Rettungswagen*, lambar kiranta 112. *Dose* gwangwani ne, adadin magani *Dosis*. *Tablett* faranti ne na ɗaukar abinci, ƙwayar magani *Tablette*. *Rezept* takardar magani ce da likita ke rubutawa, ko bayanin yadda ake girki. Rasit kuwa *Quittung* ne ko *Kassenbon*. Waɗannan duk 'yan kashi na farko ne, mun wuce su da sauri.

Wadda ta tsayar da mu ita ce *Angina*. Duk nas ɗin da ta yi karatu da Turanci in ta ji *angina* zuciya take tunani: ciwon ƙirjin da ke zuwa in jini bai isa tsokar zuciya ba. A bakin Bajamushe na titi kuwa, in ya ce *Ich hatte letzte Woche eine Angina*, ciwon maƙogwaro yake nufi, kumburin ƙwayoyin nan biyu na can cikin baki, wanda kuma ake kira *Mandelentzündung*. Kalmar daga Latin take, mai nufin shaƙewa ko matsewa. Turanci ya riƙe ta ga ƙirji, Jamusancin yau da kullum ya riƙe ta ga wuya. In ana nufin ta zuciya sai an cika sunan, *Angina pectoris*, a takarda kuma sau da yawa *AP*.

Kuskuren ta fuska biyu yake cizo. Nas ta ji uwa ta ce ɗanta ɗan shekara 7 yana da *Angina*, ta firgita ta nemi a yi masa gwajin zuciya: wannan kunya ce. Nas ta gaya wa abokiyar aiki cewa tsoho yana da *Angina* tana nufin ƙirjinsa, waccan ta ɗauka maƙogwaro ne ta ce a ba shi abin tsotsa: wannan ba kunya ba ce. Anti ta ce ita daga yau in majinyaci ya faɗi kalmar sai ta ce ya nuna mata wurin da hannu. Na rubuta wannan a bayan katin yadda ta faɗe shi.

20 ga Afrilu

Bayan hutun sallah na yi musu gwaji iri biyu. A rubuce, inda akwai lokacin tunani, *bekommen* da *werden* sun zauna, *eventuell* ma haka. A baki, da na riƙa jefa musu tambaya da sauri ina katse su kamar yadda ake yi a sashe mai cunkoso, *will* ta dawo a bakin 'yan Kano biyu, *muss nicht* ta dawo a bakin ɗaya. Ashe maganar Anti ta watan Janairu tana nan: abin da ido ya koya, baki bai koya ba tukuna. Da zarar mutum ya ruɗe sai harshen da ya fi daɗewa a aikin ya karɓi ragama, su kuwa shekaru suka yi suna miƙa aiki da Turanci. Jarrabawar B2 ta cibiyar Goethe kashi huɗu ce, karatu da saurare da rubutu da magana, kowanne sai an ci maki 60 cikin 100, don haka ƙwarewar rubutu ba za ta rufa wa magana asiri ba.

Na rage katunan da ake karantawa da ido. Kashi na biyu duka na ɗauke su a murya: in faɗi jimlar Hausa, in yi shiru na daƙiƙa 3, sannan in faɗi ta Jamusanci. Su saurara a hanyar zuwa aiki, su amsa da ƙarfi kafin muryata ta dawo. Ƙanwata ta ce a cikin A Daidaita Sahu mutane za su ɗauka ta zare, na ce ta rufe baki da mayafi.

Na kuma ƙara doka a wasan miƙa aiki: mai karɓa ba za ta ce *ja* ta wuce ba, sai ta maimaita umarnin da wasu kalmomi. In aka ce mata *er darf nicht essen*, ta ce *also nüchtern*. In aka ce *eventuell*, ta ce *also noch nicht sicher*. In fassarar da ke kanta ta karkace, a nan za ta fito fili.

Saura rukuni guda da ban taɓa ba, aikatau masu farawa da *über-*. *Übersehen* ba sa ido a kan aiki ba ne kamar *oversee*, kasa ganin abu ne, ya wuce ka. *Überhören* ba satar ji ba ce kamar *overhear*, kasa ji ne. Wadda ta rubuta a takardar neman aiki cewa ta yi shekara 5 tana *übersehen* ɗin majinyata 30 ta shaida wa mai ɗaukar aiki cewa shekara 5 ta yi ba ta lura da su. Na duba takardun da suka turo a Janairu, jimlar tana cikin ta Anti. Da ita za mu fara ranar Asabar mai zuwa, sannan *kontrollieren*, wadda a asibiti dubawa take nufi, kamar a *Blutdruck kontrollieren*, a auna hawan jini a gani.